Takardar isowar kaya ta zo da Faransanci ko Ingilishi: tambayoyin da ake yi mini a Damagaram

Ina da shagon buga takardu kusa da Kasuwar Dole. Bayan wasiƙun neman aiki da takardun ƴan lakkol, abin da aka fi kawo mini shi ne sanarwar isowar kaya. Wani ya kawo ta a takarda, wani ya miƙo mini salula ya ce, "Malam, duba mini, yarona ya aiko abu daga waje, ga abin da suka turo." Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu kaya da kuma matasan da ke karanta wa iyayensu irin wannan takarda. Na amsa su yadda nake amsawa a shago.

Idan aka miƙo mini takardar, daga ina zan fara?

Kada ka fara fassara daga layin farko. Karanta ta duka a zuciyarka har ƙasa, har da ƙananan rubutun da ke gindi, kafin ka buɗe baki. Dalili shi ne irin wannan takarda ba a jera ta yadda mai kaya yake buƙata ba. Sama cike take da sunan kamfani da gaisuwa, abin da zai ci wa mutum kuɗi kuma, wato wa'adi da kuɗin ajiya, yana can ƙasa da ƙananan baƙaƙe.

Mai kaya abu biyar yake son ji: ina kayan suke yanzu, me ake so ya kawo, nawa zai biya, wa zai biya, kuma zuwa yaushe. Idan ka gama karatunka ba ka sami amsar ɗaya daga cikinsu ba, ka faɗa masa takardar ba ta faɗa ba. Kada ka cike gurbin da tsammaninka. Dattijon da ke gabanka ba zai iya bambanta maganar takarda da maganarka ba sai ka raba masa su da bakinka, shi ya sa nake cewa "takarda ta ce" idan ita ce ke magana, in ce "ni kuma a ganina" idan ni ne.

Me ake fassarawa, me kuma ake bari yadda yake?

Lambar kaya, sunan mai kaya, sunan kamfani, adireshin ofis da lambar asusun biya ba a taɓa su. Ana kwafe su harafi da harafi. Sunan mutum musamman. A takardunmu na Nijar ana rubuta suna da rubutun Faransa, Ousmane ko Hadiza Moussa, to idan kana rubuta fassara da Hausa hannunka zai so ya mayar da shi Usman ko Musa. Kada ka yarda. Ranar karɓa za a ɗora sunan da ke jikin kaya a kan wanda ke katin ɗan ƙasa, kuma ma'aikacin ba ruwansa da cewa sunan ɗaya ne a baki.

Sunayen takardun da za a nema ma ina barin su da harshen asali, in bi su da bayani. Idan na rubuta wa mutum "takardar cinikin kaya" kawai, zai je gaban taga ya faɗi haka, ma'aikacin ya ce wace. Amma idan a takardar da na ba shi akwai kalmar `facture` a rubuce, nunawa kawai zai yi.

Ko za ka nuna mana misali guda daga farko zuwa ƙarshe?

Wani tela mai surfani a Zango, ƙanensa da ke Faransa ya aiko masa da wani ƙarfe na keken surfani ta gidan waya. Ga tsarin abin da ya zo masa. Na canza lambar, na cire sunaye:

```
Avis d'arrivée
N° d'envoi : CP123456785FR
Statut : retenu en douane
Pièces à fournir : facture, pièce d'identité
Droits et taxes estimés : 32 430 F CFA
à la charge du destinataire
À retirer sous 15 jours
Passé ce délai : frais de magasinage
```

Da ya shigo, fuskarsa a ɗaure take, domin wani yaro a layinsu ya riga ya karanta masa ya ce duwan sun ƙwace kayan. Na ce, "Alhaji, zauna tukuna, ba ƙwacewa aka yi ba." Sannan na rubuta masa haka:

"Sanarwar isowar kaya. Lambar kayanka CP123456785FR. Kayan suna hannun duwan, an tsayar da su sai an kammala takardu. Ana so ka kawo abu biyu: takardar cinikin kayan, wadda suke kira facture, da katin shaidarka. Kuɗin fito da haraji an ƙiyasta su 32 430 F CFA, wato jika talatin da biyu da dala tamanin da shida, kuma kai mai karɓa ne za ka biya. Ƙiyasi ne, yana iya canzawa idan sun ga takardar ciniki. Ka karɓi kayan cikin kwana 15. In wa'adin ya wuce, za a fara lissafa maka kuɗin ajiya. Takardar ba ta faɗi nawa ne kuɗin ajiyar ba."

Ka lura da kalmar `estimés`. Ƙarama ce, mai gaggawa zai tsallake ta, amma ita ce ta hana Alhaji tafiya da kuɗi cif-cif a aljihu. Ka lura kuma da jimlar ƙarshe: ba ta cikin takardar, ni na ƙara ta, kuma abin da ta faɗa shi ne inda takardar ta yi shiru. Irin wannan ƙarin ne kawai nake yarda da shi a cikin fassara. Shawarata, cewa ya kira ƙanensa a daren nan ya turo hoton takardar ciniki, da baki na ba shi bayan mun gama.

To mene ne bambancin tsarewa da ƙwacewa a takardar?

A Faransanci `retenu` tsayarwa ce, `saisi` kuwa ƙwacewa ce. A Ingilishi `held` ko `on hold` tsayarwa ce, `seized` ƙwacewa. Tsayarwa abu ne na yau da kullum: ana jiran takarda, ko ana jiran biya, ko ana son a buɗe a duba. Ƙwacewa tana nufin hukuma na ganin an karya doka, kuma maganarta daban ce, ba ta ƙarewa da biyan fito. Mu a Hausa "an kama kaya" muke cewa ga duka biyun, to a nan fassara ke ɓaci. Ni na daina amfani da "kama" gaba ɗaya a wannan aiki. Ina cewa "an tsayar" ko "an ƙwace", gwargwadon abin da aka rubuta.

Kalmar da mai kaya ke jira ita ce `mainlevée` ko `bon à enlever`, a Ingilishi `released` ko `clearance complete`. Ma'anarta duwan sun saki, hanya ta buɗe.

Lambar bin sawun kaya fa, yaya zan karanta wa wanda bai yi boko ba, kuma yaya zan gane ta gaskiya ce?

Ba a karanta masa ita don ya haddace. Ana rubuta masa ita da manyan baƙaƙe a wata takarda daban, ya ninke ya sa a aljihu. Idan dole ne a faɗe ta ta waya, a faɗi ɗaya bayan ɗaya, kada a haɗa su bibbiyu yadda muke faɗin lambar salula. A kula da sifiri da harafin O, da ɗaya da harafin I.

Siffar lambar kanta tana gaya maka wa ke riƙe da kayan. Kayan da suka biyo ta gidan waya na ƙasa da ƙasa lambarsu gurbi 13 ce: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko daga gare ta. FR Faransa ce, CN Sin, US Amurka. Harafin farko kuma yana nuna irin saƙon: C ƙunshin kaya, R wasiƙa mai rajista, E saƙon gaggawa na EMS. Irin wannan a hannun Niger Poste za ka neme shi idan ya shigo ƙasa. Lambar DHL Express lambobi goma ce zalla. Ta UPS tana farawa da 1Z, gurbinta 18.

Ga wata dabara ga mai son lissafi. A lambar gidan waya, ta tara a cikin lambobin nan tara mai gadi ce. Ka ɗauki takwas na farko ka ninka su bi da bi da 8, 6, 4, 2, 3, 5, 9, 7, ka tara. A misalinmu 12345678 ya ba da 204. Ka raba da 11, ragowar 6 ce. Ka cire 6 daga 11, ka sami 5, kuma 5 ɗin ce ke zaune a gurbi na tara. Idan sakamakon ya fito 10 ana rubuta 0, in ya fito 11 ana rubuta 5. Amfaninta shi ne idan aka karanto maka lamba ta waya kuma shafin bin sawu ya ce bai san ta ba, za ka gane ko kuskuren kwafi ne kafin ka tayar wa mutum da hankali.

Na sa lambar a shafin kamfanin, layuka sun fito da yawa. Duka zan fassara?

A'a. Layin da ya fi sabon kwanan wata shi ne halin da ake ciki, sauran tarihi ne. Ka duba ranar kowane layi da kyau, domin wasu shafukan sabon yana sama, wasu yana ƙasa.

Wanda ya fi ruɗa mutanenmu shi ne `arrived at destination` ko `arrivé dans le pays de destination`. Yaro zai karanta ya ce, "Baba, kaya sun iso." Baba ya sa babbar riga ya tafi karɓa. Alhali ƙasar aka iso, ba garin ba. Kayan da suka zo ta jirgi a filin jirgin Diori Hamani na Yamai suke sauka, wanda a shafukan ake rubuta shi NIM, kuma tsakanin Yamai da Damagaram kusan kilomita 900 ne ta Dosso da Konni da Maraɗi. Saboda haka nake fassara wannan layi da "sun shigo Nijar", kuma ba na cewa "sun iso" sai na ga sunan garinmu.

`En instance` yana nufin kayan suna ajiye a ofis suna jiran ka je. `Avis de passage` takarda ce da ke cewa an zo ba a same ka ba, kuma daga ranar ne wa'adi ke fara tafiya. `Delivered` ko `livré` yana nufin an miƙa, amma ka duba wa ya sa hannu. Sau da yawa wanda ya karɓa ɗan'uwa ne a Yamai da aka ba da sunansa don ya sa kayan a motar safa, shi kuma mai kaya a nan yana ta neman inda aka kai su.

Ɗana ya ce ya biya komai a can. Me ya sa ake neman kuɗi a wurina?

Hajiya, wannan tambayar tana zuwa mini kusan kowane mako, kuma yawanci ɗanki gaskiya ya faɗa, takardar ma gaskiya ta faɗa. Abin da ya biya kuɗin ɗauko kaya ne, daga hannunsa zuwa nan. Fito da haraji kuwa na gwamnatin Nijar ne, ana lissafa su a lokacin da kaya suka shigo ƙasa. `Port payé` na nufin an biya ladan ɗauka, bai ce komai a kan duwan ba.

Akwai haruffa uku da ke yanke wannan gardama idan suna jikin takardar. DAP na nufin mai aikowa ya biya ɗauka har wurin da aka ambata, fito kuma yana kan mai karɓa. Tsofaffin takardu suna rubuta DDU da kusan wannan ma'ana. DDP na nufin mai aikowa ya ɗauki nauyin fito ma. Idan kin ga DDP kuma aka nemi fito a hannunki, kada ki biya nan take, ki sa ɗanki ya tuntuɓi kamfanin daga can da shaidar biyansa.

Sai maganar kyauta. A jikin kayan gidan waya akwai ƴar takardar bayani, CN22 ga ƙananan kaya, CN23 ga manya ko masu tsada, inda mai aikowa ke yin alama a kan `cadeau` ko `gift`. Wannan bayanin dalilin aikowa ne, ba takardar yafe fito ba. Mai fassara ya ce "mai aikowa ya rubuta kyauta ce", ya tsaya a nan. Kada ya ce "saboda haka babu biya".

Wata kalma kuma da ta sha kayar da ƴan boko: `contre remboursement`. Wanda ya san `remboursement` da ma'anar mayar da kuɗi zai ce za a mayar maka da wani abu. Akasin haka ne. Tana nufin sai ka biya kuɗin kayan hannu da hannu kafin a miƙa maka.

Ta yaya aka kai ga wannan adadin? Kayan ai ba su kai haka tsada ba.

Mu koma kan ƙarfen Alhaji. Ƙanensa ya saye shi yuro 120, ya biya yuro 40 na aikowa. Duwan ba a kan 120 suke lissafi ba. Suna haɗa kuɗin kaya da na ɗauka da inshora in akwai, su kira jimlar `valeur CAF`. A nan yuro 160 ke nan. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne da rubutun Faransa, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗan ɗoriya, kuma farashin a ɗaure yake tun 1999, ba ya hawa da sauka kamar na dalar Amurka. Yuro 160 ya zama 104 953 F.

A kan wannan ake ɗora fito, kuma kasonsa ya danganta da rukunin da kayan suka faɗa. A ce kashi 10 cikin ɗari aka sa, ya zama 10 495 F. Sannan harajin TVA, wanda a Nijar kashi 19 ne ga yawancin kaya, ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake ɗora shi ba, a kan kuɗin kaya da fito a haɗe ne. 104 953 da 10 495 sun zama 115 448, kashi 19 na wannan kuma 21 935 F. Fito da TVA a haɗe 32 430 F. Na bar ƙananan haraji da ladan kamfani a gefe don lissafin ya fito fili, amma a takarda ta ainihi za ka gan su a nasu layukan, kuma kowanne ya kamata a fassara shi daban.

Abin da nake so mai fassara ya fitar daga nan shi ne raba kuɗi gida biyu. `Droits et taxes` na hukuma ne. `Frais de dossier`, `frais de dédouanement` da `frais de magasinage` ladan aiki ne da ajiya, na kamfani ko na wanda ya fitar da kayan. Idan ka dunƙule su ka ce "kuɗin duwan", mutum zai tafi yana zargin wanda bai ci kuɗinsa ba, kuma ba zai san rasit nawa ya kamata ya karɓa ba.

Me ya sa kake rubuta kuɗin sau biyu, da lamba da kuma baki?

Saboda takarda da tamma take ƙirga, mu kuma da dala muke ƙirgawa. Dala ɗaya tamma biyar ce. Idan takarda ta ce 500 F, a kasuwa ɗari ke nan. Idan ka karanta wa tsohuwa "ɗari biyar", a kunnenta ka ce 2 500 F. Idan kuma aka rubuta 2 500 F ka ce "dubu biyu da ɗari biyar", ta ƙirga da dala, ta kai 12 500 F. Ninki biyar ne tsakanin bakinka da kunnenta, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Don haka nake kwafe lambar yadda take, da F CFA ɗinta, domin ma'aikaci, sannan in rubuta ta da jika da dala domin mai kaya. Jika kowa ya san ta, 1 000 F ce, ba ta da gardama.

Kalmar dala ɗin kanta tana da wani tarko. Idan takardar da kuɗin Amurka take, kada ka ce "dala arba'in" ka yi shiru. Ka ce dalar Amurka. XOF kuma da za ka gani a wasu takardu sefarmu ce ta yammacin Afirka.

Sai waƙafi da ɗigo. Faransanci yana raba dubbai da fili ko ɗigo, yana sa waƙafi kafin ɓarin kuɗi. Ingilishi akasin haka yake. 1,500 a takardar Ingilishi dubu da ɗari biyar ne, a ta Faransanci ɗaya da rabi. Ka fara tabbatar da harshen takardar kafin ka karanta kowace lamba.

Kwanan wata fa? Ai shi a fili yake.

A nan ni kaina na taɓa jawo wa mutum asara. Wata mata daga Birni ta kawo mini sanarwar wani kamfanin ɗaukar kaya, saƙon daga Amurka, an rubuta wa'adi 04/05. Na karanta yadda muka saba, rana sannan wata, na ce mata 4 ga Mayu. A Amurka wata ake fara rubutawa. Wa'adin 5 ga Afrilu ne. Ta kwantar da hankalinta tana tara kuɗi, sai da aka kira ta a waya kuɗin ajiya ya riga ya taru. Ta dawo shagona ba ta ɗaga murya ba, ta ajiye takardar a kan tebur ta ce, "Malam, kai na yarda da kai." Na biya rabin abin da ya hau, amma har yau idan na ga kwanan wata mai lambobi zalla sai na tuna da fuskarta.

Tun daga ranar, idan lambobin biyu duka ba su wuce 12 ba, ba na yanke hukunci sai na nemo wani kwanan wata a takardar ko a shafin bin sawu wanda ɗaya daga lambobinsa ta wuce 12. Shi ne zai nuna tsarin. In ban samu ba, sai in gaya wa mai kaya ranakun biyu, in ce ya yi aiki da mafi kusa. A fassara kuma kullum da sunan wata nake rubutawa.

Game da ƙirga kwanaki, `jours ouvrables` a al'adar Faransanci ya haɗa da Asabar amma ban da Lahadi da ranakun hutu, `jours ouvrés` kuwa ranakun da ofis ke aiki ne kawai, galibi Litinin zuwa Juma'a. Idan `jours` kawai aka rubuta, ka ƙirga kowace rana. Ka kuma duba daga wace rana ake fara ƙirga, domin galibi daga ranar da aka rubuta sanarwar ne, ba ranar da ta shigo hannunka ba.

Ba zan iya zuwa da kaina ba. Zan iya aika yaro?

Idan takardar ta ambaci `procuration`, to ana karɓar wakilci. Ka rubuta takardar wakilci mai ɗauke da sunanka, sunan wakilin yadda yake a katinsa, da lambar kayan, ka sa hannu, ka haɗa da kwafin katinka. Shi kuma ya tafi da nasa katin na asali.

Shafin ya nuna kayana suna Legas. Me ya kai su can?

Wani lokaci hanya ce kawai, sun ratsa ne. Wani lokaci kuwa mai aikowa ne ya zaɓi Najeriya a wurin cike adireshi, ko wani ma'aikaci ya ɗauka Niger da Nigeria abu ɗaya ne. Ka duba takardar aikowa: alamar ƙasarmu NE ce, ta Najeriya NG, lambar wayarmu tana farawa da +227, tasu da +234. In kuskuren yana can, mai aikowa ne zai iya gyarawa, domin shi ne abokin cinikin kamfanin.

Saƙo ya shigo salulata cewa in biya kuɗi kaɗan a saki kayana. In fassara wa mahaifina in sa shi ya biya?

Kafin ka fassara, ka tambaye shi abu ɗaya: "Baba, akwai wanda ya ce zai aiko maka da kaya?" In babu, maganar ta ƙare. In akwai, ka kira mai aikowar ya karanto maka lambar da ke rasit ɗinsa, ka gwada da ta saƙon. Sannan ka buɗe shafin kamfanin da hannunka ka sa lambar, kada ka taɓa mahaɗin da ke cikin saƙon.

Saƙon ƴan damfara yana da kamanni. Ba ya ambaton sunanka, sai `cher client`. Kuɗin da yake nema kaɗan ne don kada ka yi dogon tunani, wa'adinsa kuma na sa'o'i ne. Yana so ka tura kuɗi zuwa lambar salula ta wani mutum, ko ka faɗi lambar sirrin da aka turo maka. Kuɗin hukuma ana biyansa a karɓi rasit mai suna `quittance`, da lamba da hatimi, na kamfani kuma ana karɓar nasa rasit ɗin mai sunan kamfanin.

A nan aikin mai fassara yana da wani haɗari da ba a cika lura da shi ba. Saƙon damfara sau da yawa Faransancinsa a karye yake, wanda ya iya harshen zai ji wari tun daga layin farko. Amma idan ka mayar da shi Hausa mai kyau, ka wanke masa dattin, ya isa kunnen dattijo da murya irin ta hukuma, kuma da muryar ɗansa da ya yarda da shi. Don haka idan na ga irin wannan, ina faɗin abin da saƙon ya ce, sannan in faɗi yadda aka rubuta shi: "Baba, ya ce ka biya jika biyu kafin gobe, amma rubutun cike yake da kurakurai, babu sunanka, kuma lambar da suka ba da ta wani mutum ce."

Bayan an biya an karɓa, sai a yar da takardun?

A ajiye su. Kafin ka sa hannu ka duba kwalin, in ya yage ko ya jiƙe ko an sake manne shi, ka rubuta hakan kusa da sa hannunka ka ɗauki hoto. A takardun Faransanci wurin da ake rubuta wannan `réserves` ake ce masa, kuma sa hannu ba tare da shi ba yana nufin ka karɓi kaya lafiya lau, sai ƙorafi ya yi wuya daga baya. Rasit ɗin duwan kuma ya bi kayan idan daga Yamai za a ɗoro su a mota zuwa Damagaram, domin a shingen hanya shi ne shaidar an biya fito. Ka ce wa wanda zai sa kayan a mota ya ɗauki hoton rasit ɗin ya turo maka kafin ya rufe kwalin.